Yadda «biyar» ta riƙa jawo lambar asusu a guruf ɗinmu na webil

Sana'armu tura kaya ce daga Legas zuwa Arewa, abin da ake kira webil. 'Yan kasuwa su sayi kaya a Idumota ko Balogun ko Alaba, su kawo mana ofis a Agege, mu loda a mota, ta bi ta Ibadan da Ilori da Mokwa har Kaduna da Kano. Muna da guruf a Telegram inda masu kaya suke tambaya, kuma yawancin tambayoyin kowace rana iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin kwali, yaushe mota za ta tashi, wane asusu za a tura kuɗi. Da yake ni ne mai ɗan sanin kwamfuta a ofis, Alhaji ya ce in nemi hanyar da waya za ta riƙa amsawa da kanta.

Haɗa bot ɗin, wato manhajar da za ta riƙa amsa saƙo da kanta a guruf, bai ba ni wahala ba. A wajen BotFather, bot ɗin da Telegram ta tanada don wannan aiki, ake buɗe shi, ya ba ka mabuɗi. Abu ɗaya da ke ruɗa sabon shiga shi ne, bot ba ya ganin hirar mutane a guruf sai ka kashe masa tsarin sirri da `/setprivacy` ko ka naɗa shi cikin masu kula da guruf. Daga nan na rubuta ƙa'idoji da Python, kowace kalma da amsarta. Ta biyan kuɗi ga yadda take:

```python
if "biya" in sako.lower():
    amsa(LAMBAR_ASUSU)
```

Wannan layin ba ya neman kalma, jerin haruffa yake nema duk inda suka faɗo. «Biya» kuwa tana cikin «biyar». Wani mai sayar da takalma a Kano ya rubuto da daddare: «Kwana biyar kenan kayana ba su iso ba, don Allah a duba.» Kafin ya ajiye waya, amsa ta faɗo masa: ga lambar asusu, a tura kuɗi, a turo rasit. Mutumin da ya riga ya biya tun ranar lodi, hankalinsa a tashe, sai ga shi ana sake neman kuɗi a gaban jama'a.

Ɓacin ransa ma da sauƙi. Abin da ya fi shi muni, yaron da ke kula da guruf ya tashi da safe ya leƙa, ya ga kowane saƙo da amsa a ƙarƙashinsa, ya wuce. Da haka yake gane abin da ya rage masa: saƙon da ba a amsa ba shi ne aikinsa. Bot ɗin ya rufe wannan alamar. Koken ya kwana ya wuni ba wanda ya taɓa shi, alhali kiran direba ɗaya zai nuna cewa motar ta samu matsala ne a hanya. Sai da mutumin ya kira Alhaji kai tsaye muka sani. Alhaji ya ce da ni: «Malam, na'urar taka kuɗi kawai ta iya nema?» Na ce: «Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe.»

Gyaran farko shi ne a sa bot ya nemi cikakkiyar kalma:

```python
re.search(r"\b(biya|biyan)\b", sako.lower())
```

Alamar `\b` tana nufin iyakar kalma, don haka «biyar» ta fita. Dole na ƙara «biyan» da hannu, domin da yawa «biyan kuɗi» suke rubutawa. Amma da na zauna na karanta tsofaffin saƙonni, sai na ga gyaran bai kai ko'ina ba. «Ina zan biya?» yana son lambar asusu. «Na biya tun jiya» yana son a tabbatar masa an ga alat. «Ban biya ba tukuna» labari kawai yake bayarwa. «Zan biya ta ofis ɗinku da yamma» kuwa ba maganar kuɗi yake ba sam. Kalma ɗaya ce, kuma amsar bot ta dace da mutum ɗaya ne cikin huɗu. Haka «nawa» ta yi mana: na sa ta don masu tambayar farashi, sai mai cewa «buhun nan ba nawa ba ne» ya samu jerin kuɗin kwali da na buhu.

Akwai kuma inda bot ke yin shiru alhali ya kamata ya yi magana. Wani ya rubuta «kuɗi», wani «kudi», wani «kud'i», kuma a wajen kwamfuta waɗannan abubuwa uku ne daban. Wannan mai sauƙi ne, kafin a duba saƙo sai a mayar da haruffa masu lanƙwasa zuwa na yau da kullum, a cire alamar ɗauri. Rubutun da aka saka a ƙarƙashin hoto yana zuwa a `caption` ne ba a `text` ba, shi ya sa duk mai turo hoton rasit da bayani bot bai taɓa ganinsa ba. Saƙon murya kuwa, wanda manyan kwastomominmu suka fi so, babu kalmar da za a kama a ciki. A ganina wannan shirun bai da haɗari sosai, tunda saƙon yana nan a fili ba amsa, yaro zai gan shi.

Don haka na juya tsarin. Yanzu bot yana fara duba alamun koke kafin komai: «ba su iso ba», «bai iso ba», «ɓace», «fashe», «lalace», «har yanzu». In ya ga ɗaya daga ciki, ba ya cewa uffan a guruf, sai ya tura saƙon zuwa wani ƙaramin guruf na ma'aikata. Saƙo mai tsawo, wanda ya wuce kalma goma sha biyu, shi ma haka, domin mai tambayar farashi a taƙaice yake yi, mai damuwa ne ke dogon bayani. Ko saƙon da bot ya amsa ma, kwafinsa yana zuwa wajen ma'aikata, kuma ba a ɗauka an gama da shi sai mutum ya duba. Na hana shi amsa wa ma'aikata, don da can in yaro ya ce «an biya, na gode», sai bot ya turo masa lambar asusun ofishinsa. Na kuma sa kada ya maimaita amsa ɗaya ga mutum ɗaya cikin minti 10.

Lambar asusu na cire ta daga hannun kalmomi gaba ɗaya. Tana maƙale a saman guruf, kuma mai so ya rubuta `/asusu`. A garin da ake yawan damfara da asusun bogi, bai kamata mutane su saba da ganin lambar banki tana faɗowa barkatai ba, don ranar da ɗan damfara ya sa hoton ofishinmu ya turo tasa, ba wanda zai tsaya tantama. Farashi ma ya koma `/farashi`, kuma amsar tana ɗauke da ranar da aka sabunta ta, saboda kuɗin mota yana bin kuɗin gas.

Kalmomin da suka rage suna jawo amsa da kansu kaɗan ne, irin su adireshin ofis da lokacin buɗewa, waɗanda ko an amsa wa wanda bai tambaya ba, ba a cuce shi ba. Duk ranar Asabar bayan an gama lodi ina karanta amsoshin makon tare da saƙonnin da suka jawo su. A karatun da ya wuce na tarar «Agege» tana tura adireshinmu ga wani mai neman wanda zai karɓar masa kaya a tashar jirgin ƙasa ta Agege, ita ma na cire ta.