Fam 300 ɗin da Yaya ke turowa

Ni ke karɓar kuɗin da Yaya ke turowa daga Ingila, ni ke kasafta su nan gida Tudun Wada. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji dangi na cewa ya samu duniya ya manta da mutane.

Albashinsa bayan haraji fam 1,900 ne. Hayar ɗaki ɗaya tal, banɗaki ma na haɗaka, fam 750. Kuɗin bas zuwa aiki fam 80. Ga abinci, ga ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Fam 300 da yake ware mana, wallahi sai ya matse bakin aljihu.

Ba cajin turawa ne ya fi cin kuɗin ba, farashin canji ne. Wata manhajar za ta ce kyauta take turawa, amma ta zaftare naira 40 a kowane fam. A fam 300, naira 12,000 sun tafi ke nan. Wata kuwa ta caji fam 2 ta ba da farashi mai kyau, asarar ba ta kai rabin haka ba. Yanzu nairar da za ta sauka a asusu kawai yake kwatantawa, kuma a dunƙule yake turowa ƙarshen wata, don kada cajin ya yi ta maimaituwa.

Da alat ya shigo, maganin hawan jinin Hajiya nake fara cirewa, sai masara da shinkafa a kasuwar Sabon Gari, sai kason kuɗin makarantar ƙanne. Watan da naira ta ɗan farfaɗo, kuɗin kan ragu a hannuna alhali tiya ba ta sauko ba. A irin wannan watan gudummawar biki ce ke jira, ko da Gwaggo za ta yi fushi.