Kek ɗin da Takarda ta Ce Asara Yake Yi

Ina riƙe da littafin lissafin wani gidan burodi a Zariya, kuma babban darasin da aikin ya koya mini shi ne: idan takarda ta nuna cewa wani kaya asara yake jawowa, kada a yi saurin daina yin sa sai an tambayi wane kuɗi ne zai daina fita daga aljihu idan an daina. Wasu kuɗaɗen suna tafiya tare da kayan, wasu kuwa suna nan daram ko an yi shi ko ba a yi ba.

Abu biyu muke gasawa, burodi da ƙananan kek da ake kai wa shaguna da masu shayi. Bayan darajar naira ta faɗi a 2023, fulawa da sukari da bota suka yi tashin gwauron zabo, sai mai gidan ya ce in riƙa raba masa lissafin kowanne daban. Ga yadda na kek ya fito a wata guda, na daidaita lambobin don sauƙin bi. Ciniki naira miliyan 3. Kayan haɗi, wato fulawa da sukari da bota da ƙwai da leda da gas, sun ci miliyan 2 da dubu 100, saura dubu 900. Daga nan aka cire albashin yara uku masu aikin kek, dubu 300, da dubu 100 da muke rubutawa kowane wata a matsayin tsufan injin kwaɓi, sai kuma dubu 700, kason kek daga kuɗin da gidan gaba ɗaya yake kashewa. Abin da ya rage a ƙasan shafi shi ne asarar dubu 200. Burodi kuwa ya nuna ribar miliyan 1 da dubu 200, wato gidan ya tashi da miliyan 1 cif.

Alhaji ya duba ya ce, "Malam, to me muke jira? A tsayar da kek, riba ta ƙaru da dubu 200."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama mu bi kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya mu ga wanda zai tsaya."

Dubu 700 ɗin nan ita ce tushen ruɗanin. Hayar gini, man janareta, mai gadi, direban motar rabo da albashin manaja, duka sun kama miliyan 3 da rabi a wata. Mu ne muka raba su a kan takarda gwargwadon ciniki: burodi yana kawo miliyan 12, kek miliyan 3, don haka kek ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar. Rabon bai fito daga wani abu da kek ya ci ba, hannunmu ne ya rubuta shi. Ran da aka daina kek, mai gini ba zai rage ko sisi ba, balle ma an riga an biya shi na shekara. Mai gadi zai kwana a ƙofa kamar kullum, mota za ta bi layin da ta saba bi. Kamar mutum biyar ne suka haɗa kuɗin shatar mota, ɗaya ya fasa tafiya: direba ba ya rage farashi, sauran huɗun ne za su cike. Dubu 700 za ta koma kan burodi gaba ɗayanta.

Tsufan inji ma haka. An sayi injin tuntuni, kuɗinsa ya riga ya fita, dubu 100 ɗin rubutu ce kawai. Abin da ya shafi shawarar shi ne nawa za a samu in an sayar da shi yau, kuma wannan kuɗi ne na sau ɗaya, ba na kowane wata ba.

To, sai lissafin ya koma gajere. In an daina kek, dubu 900 da yake bari bayan kayan haɗi ta tafi, abin da aka tsira da shi albashin dubu 300 ne kawai. Gidan ya yi ƙasa da dubu 600, ribar miliyan 1 ta koma dubu 400. Kayan da takarda ta kira mai asara, ashe shi yake ɗauke wa gidan nauyin dubu 600 duk wata.

Ko dubu 300 ɗin ma sai da muka sake dubawa. Na tambayi Alhaji ko da gaske zai sallami yaran uku. Ya yi shiru, sannan ya ce ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwarsa ne, sai dai a mayar da shi wajen burodi, inda kuma babu ƙarancin hannu. Ke nan albashinsa bai tafi ko'ina ba. Tun daga nan, duk layin da aka ce za a huta da shi, tambayata biyu ce: wa za a daina biya, kuma daga wane wata? In ba a iya faɗin sunan mutum ko rasit ɗin da zai daina zuwa ba, ba na lissafa shi cikin abin da za a tsira da shi. A ɗaya gefen kuma akan yi kuskuren ɗaukar duk kuɗin haɗaka a matsayin wanda ba ya motsi. Da a ce kek da daddare ake gasa shi, ana kunna janareta dominsa kaɗai, to man waɗannan sa'o'in nasa ne, kuma zai tsaya in an daina. Mu tare da burodi ake yin sa, shi ya sa bai shigo ba.

Akwai hanyar da daina kek zai zama daidai, kuma ita ce ta fi cancantar a yi mata dogon tunani. Lokacin da kek yake ci a tanda, burodi zai iya amfani da shi. Kowane burodi yana barin kusan naira 150 bayan kayan haɗinsa. Don a maye gurbin dubu 600, sai an sayar da ƙarin burodi 4,000 a wata, wajen 133 a kullum. Maganar a nan ta sayarwa ce, gasawa ba ta da wuya. Muka kira direba, ya ce yawancin ranaku ma da ragowa yake dawowa. Ya ƙara da abin da babu shi a littafina: akwai shagunan da suke karɓar burodinmu ne saboda mota ɗaya take kawo musu da kek, in suka koma wa wani don kek, za su iya ɗaukar burodinsa ma. Da a ce shaguna suna roƙon ƙari muna cewa tanda ta cika, da amsar ta canja.

Wannan lissafi yana da iyaka, kuma ina jin tsoron a ɗauke shi a matsayin lasisin riƙe kowane kaya har abada. Miliyan 3 da rabi dole wani ya biya ta. In kowane kaya yana rufe kuɗin kansa ne kawai da ɗan ƙari, gidan zai durƙushe a hankali alhali kowane shafi yana da hujjar zama. Sannan abin da ba ya gujuwa yau yana iya gujuwa gobe. Ɗakin da ake kek a ciki ana iya mayar wa mai gini idan wa'adin haya ya cika, inji kuma in ya mutu, sayen sabo kuɗi ne na gaske da zai hau kan kek shi kaɗai.

Don haka ba mu daina ba. Mun ƙara wa kek farashi kaɗan, na kuma canja tsarin shafin: yanzu kowane kaya yana nuna abin da ya bari bayan kuɗin da shi kaɗai ya jawo, kuɗin haɗaka kuma yana zaune a ƙasa dunƙule, ba a raba shi. Alhaji ya sa in rubuta cewa wata biyu kafin sabunta haya za mu sake zama, mu sa hayar ɗakin cikin abin da za a iya tsira da shi, mu ga ko kek zai iya biyanta.