Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Wasan Fatake Ya Tsaya da Ƙafarsa

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya ne a inda na yanka kwalin taliya na zana gidaje 30 a jere, Kano a farko Gwanja a ƙarshe, wato hanyar da fatake suke bi da su kai kanwa su dawo da goro. Duk gida na shida zango ne. Kowa jakuna uku, marafan kwalba ne dai, wanda ya riga kai ukun Gwanja shi ne madugu.

Dokar farko daga lido na aro ta, dayis ɗaya, kuma sai ka jefa shida jakinka zai fito. Da muka zauna gwaji a ƙofar gida bayan isha'i, maƙwabcinmu tela har aka zagayo aka kuma zagayowa bai fito ba, ƙarshe ya ce "Malam ni kam kallo na zo yi ashe," ya tashi. Abin ya taɓa ni sosai. Na zauna na yi lissafi, ashe a jifa shida a jere, kusan mutum ɗaya cikin uku ba zai ga shida ko sau ɗaya ba. To in mutum huɗu ne a zaune kusan kullum akwai wanda za a bari a baya tun bai yi komai ba. Na soke dokar, kowa ya fito da duk abin da ya jefa.

Amma babban ciwon na nan. Ɗan yayata mai shekara shida yana cin manya kamar yadda suke cinsa, don ba abin da mutum yake zaɓa, ka jefa ka ƙirga shi ke nan. Ni kuma dara na tashi ina gani, inda ba ruwan sa'a sam, sabon shiga ba zai taɓa cin tsohon hannu ba, shi ya sa ma yara ke gudunta. Tsakiyar biyun nake nema.

Abin da ya gyara shi ne na sa sa'a ta riga zuwa, zaɓi ya biyo baya. Dayis biyu, ka jefa tukuna, sannan ka ga dama ka haɗa su kan jaki ɗaya ko ka raba wa jakuna biyu. Jakin da ke shi kaɗai a wajen zango in na wani ya sauka a kansa, sai ya koma zangon baya. In biyu ne a gida ɗaya ba mai taɓa su.

Nan fa wasa ya yi daɗi, don akwai lissafi a ɓoye ciki. Dayis biyu hanya 36 suke faɗuwa. In ka tsaya gida shida a gaban jakin abokin wasa, hanya 11 ne shida za ta fito a ɗayan biyun, ga kuma hanya 5 da jimlarsu ke ba da shida, kamar biyu da huɗu ko uku da uku, 16 ke nan, kusan rabi. Amma ka ƙara taku ɗaya kawai ka tsaya gida bakwai a gabansa, dayis ɗaya ba ya kaiwa, dole sai an haɗa, hanya 6 kacal. Telan nan ban faɗa masa ba wallahi, da kansa ya gano, sai na ga yana ƙirga gidajen da ke bayansa kafin ya ajiye marfi.

Sai wata matsala ta ɓullo daga dokar da na sa cewa wanda jifarsa ba ta yi masa ba, yana iya cewa "na yada zango" ya ƙi motsawa. Masu wayo suka laɓe a zango kowa na jiran wani ya fara fita, wasan minti ashirin ya koma kusan awa, har masu kallo suka watse. Wani ya ce a cire dokar gaba ɗaya, ban yarda ba, don a ganina sanin lokacin tsayawa shi ma gwaninta ne. Sai na sa mata kuɗi. Kowa ƙwallon dabino uku a farko, duk yada zango ka ajiye ɗaya, in sun ƙare dole ka tafi ko hanya ba kyau.

Doka ɗaya nake canzawa a kowane zama, in ka taɓa biyu tare ba za ka san wacce ta gyara wacce ta ɓata ba. Ma'aunina kuma shi ne in haɗa wanda ya iya da wanda yau ya fara, ina rubuta wa ya ci a bayan kwalin. In gwani na cin kamar bakwai cikin goma ya yi min, sabo ya ɗanɗana nasara ya dawo gobe, gwani kuma ya ga amfanin tunaninsa.

Rubutun bayan kwalin ne ya nuna min wani abu da ban zata ba, wanda ya fara jifa yana yawan ci in mutum biyu ne kawai. Wannan da rigimar da aka yi kan bai wa na biyu ƙwallo huɗu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.