Yatsana a bayan tsokar ciki

Tun 6:30 ina ɗakin tiyata, kuma da safen nan har taƙama nake yi. Aiki biyu aka rubuta mana, na farko afendis ɗin wani matashi. Malam, likitan tiyatar da ke koyar da mu, ya shigo yana ɗaure takunkumi, ya ce yau duk abin da wuƙa ta taɓa ni zan faɗi sunansa. Na ce masa, "To, ranka ya daɗe." A raina kuwa murna nake, don jiya sai da na yi wa mutuniyar da muke ɗaki ɗaya tilawar jerin shimfiɗun bangon ciki har ta toshe kunne da filo.

Ya auna daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku daga ƙashin, wurin da ake kira da sunan Makbani, likitan da ya bayyana shi a 1889. Fata. Sai kitse rawaya mai laushi, na ce Kamfa. Ƙarƙashinsa wani siririn mayafi mai ɗan ƙarfi, na ce Sikafa. Da aka share, sai ga farin shimfiɗi yana ƙyalli, zarensa ya gangaro ƙasa ya nufi tsakiya, yadda hannu ke shiga aljihun wando. Wannan faffaɗar jijiyar tsokar waje ce, kuma Malam bai gitta ta ba, tsaga ta ya yi yana bin zaren. Ƙarƙashinta jar tsoka ta biyu, zarenta ya saɓa wa na sama, ya kusa kwantawa a gicciye. Nan ma ba yanka, ya soka bakin almakashi ya buɗe, ya sa yatsu biyu ya ware ta tare da ta ukun da ke manne a bayanta. Ya ce in lura, tsakanin waɗannan biyun jijiyoyin ji suke ratsawa, wanda ya yi musu gaggawa sai mutum ya tashi da dindiris a mara. Sai tantanin tiransibasalis, sai ɗan kitse, sai faritoniyam, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Tara cif, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Sista ta ɗaga mini gira ta saman takunkumi.

Azahar a gurguje. Takalmina na hagu ya sake tsinkewa.

Aiki na biyu shi ne ya hana ni sakat har yanzu. Dattijo ne da hanjinsa ya toshe, za a buɗe shi ta tsakiya, daga saman cibiya zuwa mara. A tsakiya babu tsoka, jijiyoyin tsokokin nan uku na dama da na hagu sun haɗu sun saƙe, suka zama farin layi ɗaya, liniya alba, shi ya sa jini kaɗan ne kuma shiga da sauri. Jerin ya gajarce: fata, kitse, farin layi, tantani, ɗan kitse, faritoniyam. Na faɗa duk. A saman cibiya layin yana da faɗi, ba ya ɓata wa kowa. A ƙasanta kuwa ya tsuke sosai, sai da wuƙar Chif, likitan da ke ƙarƙashin Malam, ta ɗan kauce, gefen jar tsoka ya leƙo. Tsokar rektas ce, doguwar nan da ke saukowa daga haƙarƙari zuwa ƙashin mara. Malam bai ce wa Chif komai ba, ni ya juyo wa.

"Likita, me ke bayan wannan tsoka?"

In ya ce mini "likita" na san rami ne, amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kubenta na baya, ranka ya daɗe."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya kama hannuna ya tura yatsana bayan tsokar, can sama kusa da cibiya. Na ji bango mai tauri, kamar cikin jakar fata. Ya ce in gangaro a hankali. Ina gangarowa, wajen rabin tazara tsakanin cibiya da ƙashin mara, sai na ji yatsana ya tsallake wani ɗan gefe, bangon ya ƙare. Abin da ya rage laushi ne kawai, siriri har kana jin hanji yana motsi a bayansa. Ya ce, "Ina kuben naki?" Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar mai sa barci.

Abin haushin, na san wannan gefe. Layin Daglas ne, na sha zana shi a takarda. A samansa, jijiyar tsoka ta biyu rabuwa take yi gida biyu, rabi ya bi gaban rektas tare da ta waje, rabi ya bi bayanta tare da ta ukun, sai tsokar ta zama tana cikin kube gaba da baya. A ƙasansa dukkan ukun gaba suke wucewa, su bar bayan tsokar ba komai sai tantanin tiransibasalis da faritoniyam. Na san shi a littafi, amma da aka buɗe mutum a gabana sai na ɗauko jerin da na haddace na kife a kansa, ban duba inda muke tsaye ba.

Malam ba mai faɗa ba ne, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, wanda yake zaton saura bango ɗaya a gabansa, da ƙarfi zai danna wuƙa, kuma a nan ƙasa abin da zai samu kumburarren hanji ne ko mafitsara. Shi ya sa aka sa wa dattijon robar fitsari tun kafin a fara, shi ya sa kuma ake fara huda faritoniyam daga sama. Da idona na ga yadda ya yi ɗazu: ya ɗaga tantanin da matsewa biyu kamar tanti, ya murza shi tsakanin yatsu ya tabbatar babu hanji a ciki, ya ɗan ƙyasta, iska ta shiga, hanjin ya ja baya.

Wajen rufewa ya sake tsikarata. Ya ce tunda babu kube a baya, me zai riƙe cikin mutumin nan in ya yi tari? Wannan karon na yi shiru sai da na duba. Na ce farin da ke gaba. Ya gyaɗa kai. Kitse ba ya riƙe zare, jar tsoka yagewa take, faritoniyam kuwa da kansa yake haɗewa. Nauyin duka yana kan farin nan, kuma zaren da zai shiga ya kai ninki huɗu na tsawon yankan, wato yanka mai santimita 20 yana cin zare santimita 80. In aka yi masa rowa, bayan kamar mako guda sai a ga wani ruwa ja-ja ya jiƙa bandeji, alamar ɗinkin ciki ya saki ke nan.

Chif ya ce kada in damu, shi ma an taɓa yi masa. Ban yarda ba.

Na dawo na kwanta rigingine, na ɗaga kai har cikina ya ɗaure, ina ta lalube ƙasan cibiyata ko zan ji gefen nan ta waje. Ba a jin sa, tsoka ta tare. Mutuniyar ta shigo ta same ni a haka, ta tsaya bakin ƙofa ta ce lafiya? Na ce mata ta kashe fitila kawai. Gobe 7:00 zagayen marasa lafiya, kuma ni aka ba bandejin dattijon.