Girman Zubina Ne Ya Tona Burgata a Teburin Foka

Mutanen da ke tebur ba sa auna burga, wato zubin da ka yi ba ka da kati mai ƙarfi don abokin karawa ya ji tsoro ya ajiye nasa, da girman abin da ka tura. Da abin da suka saba ganin ka buɗe bayan ka tura irin wannan adadi suke aunawa. Na daɗe ina buga Texas Hold'em, fokar da kowa ke riƙe kati biyu a buɗe biyar a ƙasa na kowa da kowa, ban san haka ba, sai da hannu ɗaya ya fitar da ni daga wasa a daren da nake kan gaba a maki, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Mu ba kuɗi muke sawa ba, caca ba tamu ba ce. Kowa yana farawa da cif 10,000, wato ƙwayoyin da ake zubi da su, wanda nasa ya ƙare ya tashi, ana rubuta maki a littafi har ƙarshen zango. Wanda bai taɓa zama ba zai ce ai babu abin jin ciwo a nan. Akwai, domin tashi da wuri yana rushe aikin makonni.

Ga yadda hannun ya tafi. Zubin dole yana 100 da 200, ni ne na ƙarshe a layi, riƙe da jak da 10 na daiman. Na ɗaga zuwa 500. Wani yayanmu da ke kan babban zubin dole ya bi, sauran suka ajiye, abin da aka tara a tsakiya ya zama 1,100. Katunan ukun farko suka fito: sarkin sifed, 9 na daiman, 4 na daiman. Ya wuce, na zuba 700, ya bi. Wannan zubin ba ni da nadama a kansa, domin katuna 12 ne za su iya ceto na: daiman tara da suka rage su ba ni fulash, wato kati biyar masu launi ɗaya, sarauniya uku na sauran launuka su ba ni jeri, wato kati biyar masu bin juna. Burgar da ke da mafita irin wannan ita ce mafi lafiya a wasan. Kati na huɗu 2 ne na kulob, na zuba 1,500 a kan 2,500, ya sake bi. Tsakiya ta kai 5,500, abin da ya rage gabana ma 5,500 ne. Katin ƙarshe ya zo 7 na sifed. Ba fulash, ba jeri, jak kawai nake da shi. Ya wuce, na tura duka.

A raina lissafin ya tsaya daidai. Wanda ya sa 5,500 don ya ci 5,500 yana buƙatar abokin karawa ya ajiye sau ɗaya cikin biyu kafin ya tashi ba riba ba asara. Na ga mutumin da ya yi ta bi bai taɓa ɗagawa ba, na ce yawancin abin da ke hannunsa matsakaici ne, ba zai sa rayuwarsa a wasan a kai ba. Bai yi dogon tunani ba ya bi, ya buɗe 9 da 8 na kulob. Tagwayen tara kawai, alhali ga sarki a ƙasa.

Da aka tashi na tambaye shi, “Yaya, da me ka bi ni da tara?” Ya ce, “Ƙanena, duk daren nan idan kana da kaya rabin tsakiya kake sawa don a biya ka. Ban taɓa ganin ka cika tsakiya ka buɗe abin kirki ba. Da rabi ka sa, da na fi jin tsoro.”

Maganar nan ta fi fita daga wasan yi mini zafi, saboda gaskiya ce tsantsa. Idan ina da hannu mai ƙarfi nakan rage zubi don kada in kori mutum, idan ba ni da komai sai in ƙara don in tsorata shi. Na raba zubina gida biyu, ƙarami na gaskiya, babba na ƙarya. Kamar ɗan kasuwar da ba ya rantsuwa sai kayansa na da aibi: wanda ya saba sayayya wurinsa, da ya ji rantsuwa sai ya ƙara duba kayan.

Da na zauna da biro da takarda, abin da na gano ya ba ni mamaki, domin akasin abin da nake zato ne. Ashe babban zubi shi ne ke ba ka damar yawaita burga, ƙarami kuwa takaita ta yake yi. Dalilin yana wajen mai bi. Da na tura 5,500 a kan 5,500, shi zai sa 5,500 ne don ya ci 11,000, wato ya ishe shi ya yi daidai sau ɗaya cikin uku. Saboda haka idan cikin hannaye ukun da nake cika tsakiya da su biyu na gaske ne ɗaya burga, to ya bi ko ya ajiye duk ɗaya ne gare shi, ba shi da hanyar cin galaba a kaina. Idan rabin tsakiya na sa, shi kuma sau ɗaya cikin huɗu yake buƙata, don haka burga ɗaya ce kawai zan iya ɓoyewa bayan hannayen gaske uku. Idan na ninka tsakiya sau biyu, burga biyu na iya bin na gaske uku. Ko zubi ya kai ina, burga a katin ƙarshe ba ta kai rabi.

Amma duk wannan dama tana da sharaɗi, kuma shi ne na karya. Burga rabo ce da ake yanka daga hannayen gaske da ke bin hanya ɗaya da ita. A wancan hannun, abin da zan iya isowa katin ƙarshe da shi mai ƙarfi shi ne as da sarki, wanda ake iya haɗawa ta hanya 12 tunda sarki ɗaya na ƙasa, sai uku-uku, wato kati uku iri ɗaya, na sarki ko tara ko huɗu, hanya 9. Jimla 21. Da ina tura dukansu da cikakken zubi, da ina da izinin burga kamar 10. To amma waɗannan 21 ɗin duk rabin tsakiya nake sa musu. Kenan cikakken zubina babu hannun gaske ko ɗaya a bayansa, kuma rabin sifili sifili ne. Yayan nan bai yi wannan ƙidaya ba, ido kawai ya sa ya ga abin da nake buɗewa.

Akwai ciwo na biyu a hannun, wanda sai daga baya na lura da shi. Ko da zubina na da mutunci, jak da 10 na daiman ba su ne katunan da suka fi dacewa da burga a wurin ba. Hannayen da nake so ya riƙe su ne masu jiran daiman da bai zo ba, irin as da 5 na daiman, waɗanda sun fi jak ɗina amma za su ajiye nan take. Ni kuwa na riƙe daiman biyu, na rage yiwuwar yana da su. Da jak da sarauniya na wani launi nake da su, da na rage masa hannun sarki da jak, da kuma na sarki da sarauniya, waɗanda su ne ke bi, na bar masa masu ajiyewa. Sannan 7 na sifed bai canza komai a ƙasa ba. Wanda ya yarda tara ɗinsa na kan gaba a kati na huɗu, babu abin da ya zo da zai sa ya sauya ra'ayi, ga shi kuma kowa a tebur yana gani daiman ta ƙi zuwa.

Na sake kallon shahararriyar burgar Chris Moneymaker a kan Sammy Farha a babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas a 2003, sai na ga bambancin. Moneymaker yana riƙe da sarkin sifed da 7, Farha yana da sarauniya da 9, wato tagwaye mafi girma a ƙasa. Sifed na uku ya sauka a kati na huɗu, a nan Moneymaker ya ɗaga, sannan ya tura duka a na ƙarshe. Lokacin da ya nuna ƙarfi ya dace da lokacin da fulash ta yiwu, kuma sarkin launin yana hannunsa. Farha ya daɗe yana tunani ya ajiye. Mutane suna yabon ƙarfin zuciya, ni kuwa abin da nake gani shi ne labarin da katunan ƙasa suka goyi bayansa. Nawa labarin babu katin da ya tsaya masa.

Gyaran da na yi ban fara shi daga burga ba. Na fara tura hannayena masu ƙarfi da babban zubi, kuma na daina burga a katin ƙarshe na ɗan lokaci. Sakamakon ya faranta mini rai ƙwarai: tunda an san ni da ƙarya idan na cika tsakiya, sai aka yi ta bi na da tagwaye na biyu da na uku, ina buɗe uku-uku. Shi kansa yayan ya biya ni cikakken zubi da sarki da 10 ina riƙe da as da sarki. Sai da na ga sun fara jinkiri suna ajiyewa, sannan na dawo da burga kaɗan-kaɗan, da adadin da nake sa wa na gaske, ba ƙari ba ragi.

Yanzu ba zuciyata ke zaɓar mini lokacin burga ba, domin ita takan tura ni ne daidai lokacin da na ji haushin jiran da bai biya ba, kuma lokacin ne kowa ke tsammani. Katin da ke hannuna ne ke zaɓa. Kafin in tura, ina tambayar kaina wane hannun gaske zan buga daidai haka tun daga farko, kuma wane hannu da ya fi nawa zai ajiye. Idan ban iya ambaton su da suna ba, sai in wuce in bar tsakiya.

Wannan rabo na ɗaya cikin uku kuma kariya ce daga mai lura, kamar yayanmu. Akwai wani a teburinmu da ba ya ajiye tagwaye ko me aka tura, shi burgar da ta dace da shi sifili ce, sai dai a ƙara masa farashi idan ana da kaya. Akwai kuma mai ajiye duk abin da bai kai tagwaye biyu ba, shi ana iya wuce rabon sosai, da zubi ƙarami ma, tunda kashi ɗaya cikin uku na tsakiya yana buƙatar ya ajiye sau ɗaya ne kawai cikin huɗu. Idan kuwa mutum biyu ne suka rage tare da ni, kusan na daina burga gaba ɗaya. Ko kowannensu yana ajiyewa sau 6 cikin 10, su ajiye tare bai fi sau 36 cikin 100 ba, cikakken zubi kuwa 50 yake nema.