Antaro tara da na yi wa ƴan turwaziyam, da abin da suka jawo mini

Takarda wajen ɗari bakwai na gyara a zangon farko na bara, ban da dubwar da kompozisiyo. Ɗalibai 78, antaro tara, duka ba zata. Ni ne mushen lissafi na ajin turwaziyam a wani kwaleji nan cikin Maradi, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai, don na dawo daga wani horo na kwana uku inda aka yi ta nanata mana cewa a riƙa gwada yara a kai a kai, kada a jira ƙarshen zango. Na ɗauki "a kai a kai" na riƙe, sauran bayanin kuwa ashe ta bayan kunnena ya bi.

Da na shigo aji na ce "ku ciro takarda", sai ka ji wurin ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Ni kuwa ina ganin alamar ladabi ce. Tunanina shi ne idan suka saba da ƙananan jarrabawa, babbar ba za ta firgita su ba ranar birbe. Abin da na yi a zahiri shi ne na ɗauki tsoron rana ɗaya na raba musu shi a kowace safiya, domin kowace antaro maki ashirin ce, kuma kowane maki yana shiga mwayan.

A wurin horon an ambaci kalmomi biyu, formatib da somatib, waɗanda wani Michael Scriven ya fara bambantawa a 1967. Ni yanzu ina kiran su gwajin gyara da gwajin hukunci. Na hukunci shi ne wanda ake yi bayan an gama koyarwa, a ba da maki, a rubuta a bultan, magana ta ƙare: kompozisiyo, birbe, bak. Na gyara kuwa ana yin sa ne ana tsakiyar darasi, don malami ya ga inda yaro ya karkace tun da sauran lokacin miƙe shi. Tambaya ɗaya tana iya zama ko wanne daga cikinsu. Abin da aka yi da amsar ne yake raba su. Ni antaro tarana duka na hukunci ne, na dai yayyanka su ƙanana.

Wadda ta fara nuna mini ɓarnar wata yarinya ce mai zama benci na biyu ta wajen taga, mai natsuwa, rubutunta tsaf. A antaro shida ta samu 14, 13, 15, 12, 14 da 13, wato mwayan 13,5. Sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita wajen kwana goma a ƙarshen Oktoba. Antaro biyu suka faɗa cikin kwanakin, na sa mata sifili biyu, don na riga na kafa doka cewa wanda ba ya nan ba shi da rabo, wai kada a riƙa gudun gwaji. Kwana biyu da dawowarta na sake cewa a ciro takarda, a kan darasin da aka yi tana kwance. Ta samu 5. Ka tara duka, 86, ka raba tara, 9,56. Yarinyar da ta fahimci lissafi ta koma ƙasa da goma, kuma lambar ba ta faɗi komai a kan abin da ta iya ba, ciwonta kawai ta auna. Ranar kompozisiyo ina kallo ta yi kusan minti ashirin bik yana hannunta bai taɓa takarda ba. Ta san duk abin da ta ɓata a nan babu sauran wurin da za ta rama.

Mahaifinta ya zo da bultan a hannu, wani dattijo mai sayar da hatsi a babbar kasuwa. Bai ɗaga murya ba, wanda da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Malam, yarinyar nan ta daina cin abincin safe ranakun da kuke da lissafi. Na ce bari in zo in ji ko wani laifi ta yi."

"Baba, ba ta yi laifin komai ba," na ce, kuma ban sami abin da zan ƙara ba.

Abu na biyu ya fi ba ni haushi, don ya taɓa sana'ata kai tsaye. A kompozisiyon nan na sa a warware (x + 3)². Yara 51 cikin 78 suka rubuta x² + 9. Na koma na duba antaron da na yi a kan wannan darasi, makin aji ya yi kyau. Da na jera takardun bisa tsarin zama sai na ga dalili: kowane benci amsarsa ɗaya, har inda aka goge aka sake rubutawa iri ɗaya ne. Idan kowane kuskure yana cin maki, yaro ba zai nuna maka kuskurensa ba, ɓoye shi zai yi, ya leƙa na maƙwabci. Ga shi kuma takardun sai sun yi mako biyu a jakata kafin in mayar, lokacin mun wuce darasi biyu gaba. Su duba jan bik a saman takarda, su ninke, su tura cikin kaye. Na taɓa ganin ɗaya an naɗe awara da ita a bakin ƙofar lakwal, da 11 ɗina a jiki.

A zango na biyu na koma ga abin da malaman firamare suka daɗe suna yi, wanda mu na kwaleji muke raina wa: allo da alli. Kowa ya zo da ƙaramin allonsa, wanda ba shi da shi ya yi da bayan kaye. In rubuta tambaya ɗaya a babban allo, in ba da minti ɗaya, in buga tebur, kowa ya ɗaga lokaci guda. Bugun teburin nan shi ne ginshiƙin abin. Ranar farko ban kula ba, ƴan gaba suka riga ɗagawa, na baya suka kwafe, na ga amsa daidai har bango na yi ta murna a banza.

Da (x + 3)² ɗin na fara. Amsa uku suka fito, kuma kowace tana gaya mini abu dabam. Masu x² + 9 sun ɗauka ana raba murabba'i a kan kowane ɓangare, su ba su ma san akwai wani abu a tsakiya ba. Masu x² + 3x + 9 sun san da shi, sun manta sau biyu yake zuwa. Sai masu x² + 6x + 9. Ban ce ga mai gaskiya ba. Na ce kowa ya sa 1 a madadin x. Ɗaya da uku huɗu, huɗu sau huɗu 16. Amsar farko ta ba da 10, ta biyu 13, ta uku 16. Aji ya kaure da surutu, irin surutun da malami yake so. Daga nan na zana fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe x + 3, na raba shi gida huɗu, suka ga ɗakuna biyu masu 3x da idonsu. Na sake ba da (x + 5)², allunan da suka kuskure ba su kai goma sha biyar ba. Duka abin bai wuce minti goma sha biyu ba, ban ɗauki takarda ko ɗaya zuwa gida ba, kuma na san abin da antaro tara ba su gaya mini ba.

Ƙa'idar da na tsayar wa kaina ita ce idan fiye da kashi ɗaya cikin uku na allunan sun kuskure, ba na wucewa, sai na sake bayani ta wata hanya. Idan ba su kai haka ba, in haɗa wanda ya gane da wanda bai gane ba a benci, in ci gaba. Wannan yana cin lokaci, kuma manhaja ba ta jira. Na gama shekara ina gudu a darussa biyu na ƙarshe, ba zan ɓoye ba.

Maki kuwa bai tafi ko'ina ba, ofis yana bukatarsa don bultan, iyaye ma shi suke tambaya. Abin da na canza shi ne antaro masu maki sun koma huɗu, ina faɗin rana da darasi mako guda kafin lokaci, ana jefar da mafi ƙanƙanta, wanda ciwo ya hana shi zuwa kuma ya rama. Sannan ina mayar da takarda da bayani kawai, kamar "duba alamar ragi a layi na uku", makin yana cikin littafina sai an yi gyara in faɗa. Wannan na ɗauko shi ne daga binciken Ruth Butler na 1988, inda yaran da aka ba bayani kaɗai suka ci gaba, waɗanda aka haɗa wa bayani da maki kuwa suka tsaya daidai da waɗanda aka ba maki zalla. Na yarda da shi nan take don na ga takardar awara.

Ba kowa ya karɓa ba. Makonnin farko kullum sai wani ya ɗaga hannu: "Mushe, wannan ana ƙirgawa?" In na ce a'a, sai wasu ƴan bayan aji su zana abin da suka ga dama. Laifina ne, ni na koya musu cewa abin da ba shi da maki ba aiki ba ne. Abin da ya jawo su shi ne da suka lura tambayoyin allo su ne suke dawowa a antaro da wasu lambobi. Kuma allo ba ya koya wa yaro zama awa biyu shi kaɗai da takarda, ga mai gadi baƙo yana zagaye, wanda shi ne birbe. Don haka a watan Mayu, cikin zafin nan, na yi musu zama biyu irin na jarrabawa sosai, da agogo, da tazara tsakaninsu, amma makin bai shiga mwayan ba. Tsoro bai ƙare ba, sai dai yanzu yaro yana iya ce maka "ni a lissafin kusurwa nake da matsala", maimakon "ni ban iya lissafi ba". Na farkon ana iya zama a yi masa aiki da yamma ɗaya.

Yarinyar taga ta samu 12, 15, 8 da 14 a zango na biyu. Aka jefar da 8, mwayan ya tsaya 13,67, kusan inda take tun farko kafin in sa mata hannu. Na je ofis na tambaya ko za a iya taɓa makin zangon farko, aka ce an riga an rufe rajista an sa hannu, kuma da gaskiyarsu. 9,56 ɗin nan yana nan cikin lissafin shekararta, da rubutuna. Har yanzu in na shiga kasuwa sayen gero, ta wani layin nake bi.