Laraba: sharuɗɗa goma sha biyu, ina da shida

Tun bayan sallar asuba nake kan sanarwar neman ma'aikata da wata ƙungiya mai zaman kanta ta fitar, tana neman jami'in sa ido da tantance ayyuka a ofishinta na Damaturu, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu. Sharuɗɗa goma sha biyu aka jera. Da na ɗora takardar tarihin karatuna da aikina, wato sibi, a gefensu, sai na tarar shida kawai na cika: digiri a fannin ƙididdiga, takardar kammala bautar ƙasa, iya tsara fom a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko ODK, iya aiki da Excel, Hausa da Turanci, da kuma yarda da yawan fita ƙauyuka. Shidan da na rasa su ne shekara uku ta ƙwarewa a irin wannan aiki, manhajar nazarin alkaluma ta SPSS, rubuta rahoto ga masu ba da tallafi, digiri na biyu, manhajar nuna alkaluma a zane ta Power BI, da jin Kanuri.

Da hantsi na kira kawuna, wanda ya daɗe a sashen kula da ma'aikata kafin ya yi ritaya, na karanta masa jerin. Bai tambaye ni guda nawa na cika ba, cewa ya yi, "'Yata, wane shidan ne babu? Karanta mini kan da aka rubuta a saman kowane rukuni." Sai na koma na duba, na ga tara suna ƙarƙashin Required, wato wajibai, uku kuma ƙarƙashin Desirable, wato waɗanda ake so amma ba dole ba, kuma digiri na biyu da Power BI da Kanuri duk suna cikin ukun nan na ƙasa. Ke nan a cikin abin da aka wajabta, shida nake da su daga tara.

Ya bayyana mini yadda ake tacewa a wuraren da ya yi aiki. Wanda ya fara duba takardu galibi ba masanin aikin ba ne, ma'aikacin ofis ne riƙe da jadawali mai gidajen "e" da "a'a", yana neman abubuwan da ba a jayayya a kansu, kamar takardar digiri, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara talatin lokacin da ya gama karatu, lasisin sana'a idan aikin na buƙata, da adadin shekarun aiki. Duk wanda ya samu "a'a" a ɗaya daga cikinsu, takardarsa ba ta kaiwa ga shugaban sashen ko da sauran sun yi kyau. Waɗanda suka tsallake ne ake ba wa maki a kan sauran sharuɗɗan, kuma a nan rashin abu ɗaya rage maki yake yi, ba ya korar mutum. Ya ƙara da cewa jerin kan yi tsawo ne saboda mutane da yawa suna sa hannu a cikinsa, kowa ya ƙara abin da yake sha'awa, wani lokaci ma a kwafo daga tsohuwar sanarwa.

Saboda haka maganar shekara uku ce ta cinye mini yawancin yinin, domin ita kaɗai ce a cikin abin da na rasa take iya rufe mini ƙofa. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu da wata huɗu, na fara da tattara bayanai gida-gida, daga baya na koma kula da masu tattarawa da gyara abin da suka turo. Amma shekarar bautar ƙasa kanta na yi ta ne a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma, ina shigar da alkaluman rigakafi da haɗa jimillar kowane wata. Wasu sanarwoyin suna rubuta post-NYSC ƙarara, ma'ana ba a lissafa shekarar hidima, don haka na bi wannan layi-layi ina neman kalmar, ban same ta ba. Idan na rubuta watan farawa da watan gamawa na kowane aiki, na kuma bayyana cewa na farkon bautar ƙasa ne, jimilla ta zama shekara uku da wata huɗu, kuma ban ɓoye komai ba. Idan ba su yarda da lissafin ba, ga kwanakin a gabansu. Wannan yana da muhimmanci saboda fom ɗin intanet ɗin yana da tambayar zaɓi a kan shekarun ƙwarewa, kuma irin wannan tambaya ana iya saita ta ta ware mutum kafin wani ya buɗe sibinsa.

Da rana na bar jerin sharuɗɗan na koma sashen da ya lissafa ayyukan da mutum zai riƙa yi, wanda a ganina ya fi faɗin gaskiyar kujerar. Layi takwas ne, biyar daga ciki suna magana ne a kan tsara fom, horar da masu tattara bayanai, bin sawun kurakurai kamar gida ɗaya da aka shigar sau biyu ko shekarun yaro da suka fi na uwarsa, da fitar da jadawalin wata-wata. Waɗannan su ne aikina na kullum. Ko maganar KoboToolbox da ODK ba ta dame ni ba, tunda duka biyun suna karɓar fom da aka rubuta a tsarin XLSForm. SPSS kuwa ban taɓa shi ba tun binciken ƙarshe na jami'a, kuma haka zan rubuta, ba zan sa "ƙwararriya" ba, domin a irin wannan kujera akan zaunar da mutum gaban kwamfuta a ba shi bayanai ya yi aiki kafin intabiyu.

Giɓin da babu dabarar rufe shi shi ne rahoton masu ba da tallafi. Ni nake haɗa alkaluma, shugabana ne yake rubuta rahoton, kuma abu biyu ne daban. A wasiƙar neman aikin zan ba shi jimla biyu: cewa ni nake shirya jadawalin da ke shiga rahoton kowane wata uku, da cewa ban taɓa rubuta cikakken rahoto ni kaɗai ba. Kawu ya ce kada in cika wasiƙar da ban haƙuri a kan digiri na biyu da sauran, tunda su da kansu ba su wajabta ba.

Akwai wata sanarwa da na ajiye tun makon jiya, ta irin wannan kujera a Diffa, inda na cika takwas daga goma. Yau na goge ta daga wayata, domin ɗaya daga cikin biyun da na rasa Faransanci ne, kuma da shi ake rubuta kowace takarda a ofishin. Haka ma da a ce Kanurin Damaturu an sa shi cikin wajibai, ko kuma a ce aikin na shiga gidaje ne ana hira da mata kai tsaye, da ban ɓata dare a kansa ba.

Bayan isha'i na sake jera sibin, na ɗauko ayyukan nan biyar na kai su sama da irin kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su, na cire kwas ɗin ɗinki da ba shi da alaƙa da kujerar. Saura wasiƙar, da kiran mutum biyu da zan sa a matsayin masu shaidata, domin ba na so a kira su ba su san da maganar ba. Gobe da safe zan tura, kafin cunkoson ranar rufewa.